Zuma, Mai Da Markaɗen Gyaɗa: Ragowar Da Ke Maƙalewa A Ma'auni, Asarar Wane Ne?

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Njamena da Kusiri ta kan gadar Ngeli, ko mai wucewa da kaya har Fotokol da Gamboru, ya san cewa awon hatsi da awon kayan danƙo ba ɗaya ba ne. Idan aka cika koro da gero a Kasuwar Gero ta Njamena aka juye a buhu, koron zai koma fayau kamar ba a taɓa zuba masa komai ba. Amma a cika gwangwani da zuma, ko man gyaɗa, ko markaɗen gyaɗar nan da 'yan uwanmu na Nijar ke kira tigadege, sannan a juye, za a tarar wani abu ya ƙi fita. Wannan abin da ya ƙi fita shi ne batunmu na yau, domin kuɗi ne, kuma dole akwai wanda ya biya shi.

Zumar da ake sayarwa a Babbar Kasuwa da kasuwar Dembe, da yawanta daga kudancin Chadi take zuwa, wato yankunan Kumra da Sar da Mundu, cikin jarkoki. Gyaɗar ma galibi daga can take. Kafin kayan nan su isa hannun mai ci, sai sun bi ta jarka, su faɗa bokiti, su shiga gwangwanin awo, su ratsa mazurari, sannan su sauka a kwalba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mazubai yana karɓar nasa harajin. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne, maganin ragowa ba yawan kankara da suɗe ba ne, a'a, rage yawan mazuban da kaya ke bi ta cikinsu ne, tare da mayar da lissafin lita ya koma na kilo.

Ragowa iri biyu ce

Da farko ya kamata mu raba ragowar nan gida biyu, domin ba mutum ɗaya take cuta ba.

Ta farko ita ce ragowar cikin ma'auni. Gwangwanin da ke ɗaukar lita ɗaya idan ya cika, ba lita ɗaya yake bayarwa ba idan aka juye shi. Abin da ya liƙe a jikinsa yana nan, kuma da aka sake tsoma shi don awo na gaba, wannan ragowar ta riga ta tare wani wuri a ciki. Ke nan a kowane awo mai saye yana biyan kuɗin lita cur, yana tafiya da ƙasa da lita, ita kuwa ragowar tana zama a wurin mai sayarwa. Wannan tauye mudu ne ko da ba a yi niyya ba, kuma ba sai mun tunatar da mai karatu gargaɗin da Suratul Muɗaffifin ta yi a kan haka ba.

Ta biyu ita ce ragowar cikin jarkar sari. Wannan kam mai sayarwa take ci, domin ya biya kuɗin abin da ke cikin jarkar gaba ɗaya, amma ba duka zai iya fitarwa ba. To da yake ɗan kasuwar kan iyaka mai saye ne da safe, mai sayarwa da yamma, ragowar tana iya cizonsa ta kowane ɓangare.

Masu aikin awo a ɗakunan bincike sun daɗe da sanin wannan bambanci. Shi ya sa ake rubuta In a jikin kwalbar da aka daidaita bisa abin da take ɗauka, a kuma rubuta Ex a jikin wadda aka daidaita bisa abin da take zubarwa. Gwangwanayenmu na kasuwa duk irin na farko ne, amma muna aiki da su kamar irin na biyu.

Nawa ne ke maƙalewa?

Kada mu tsaya ga kintace, bari mu lissafa. Gwangwanin lita ɗaya mai faɗin santimita 10, tsayinsa kusan santimita 13 ne. Idan zuma mai kaurin milimita ɗaya kacal ta liƙe a bangonsa da gindinsa, wannan ya kai kusan mililita 48, wato cokalin cin abinci uku da ɗan ɗoriya. A nauyi kuwa giram 68 ke nan. A awo ashirin an tauye kusan lita guda.

Abin lura shi ne, ƙaramin ma'auni ya fi babba cin ragowa. Ɗan kofin shayi mai ɗaukar mililita 100, idan zuma mai wannan kaurin ta liƙe masa, kusan mililita 10 ce za ta zauna, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da aka saya. Dalili kuwa, ƙaramin mazubi bangonsa yana da yawa idan aka kwatanta da cikinsa. Saboda haka talakan da ke sayen ɗan kaɗan don maganin tari shi ne ya fi kowa cutuwa.

Jarkar lita 20 kuma, da wannan lissafin, tana iya riƙe kusan mililita 450, wato giram 640 na zuma, ban da abin da ke ɓuya a kusurwoyi da cikin mariƙi.

Kaurin abin da ke liƙewa ya danganta da yanayi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena kan haura digiri 40, zuma tana sakin jiki ta zuba da sauri, ragowar ta yi ƙasa da wannan lissafi. A Disamba da Janairu kuwa, da sanyin safiyar hunturu, takan yi tauri ta riƙa jan ƙafa, ragowar ta wuce haka. Ke nan gwangwani ɗaya, a hannun mutum ɗaya, yana bayar da awo daban da safe, daban da rana.

Lita ba kilo ba ce

Kafin mu zo ga magani, akwai lambobi uku da ya kamata kowane mai wannan sana'a ya haddace. Litar ruwa kilo ɗaya ce. Litar zuma nunanniya kusan kilo 1 da giram 420 ce. Litar man gyaɗa kuwa kusan giram 910 ce. Wato zuma ta fi ruwa nauyi sosai, mai kuma bai kai ruwa ba.

Daga nan sauran lissafi mai sauƙi ne. Kilo ɗaya na zuma kusan mililita 700 ne. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, irin wadda ake ɗura zuma a ciki a kasuwannin Njamena, ya kamata ta ɗauki kilo 2 da giram 130. Jarkar mai ta lita 20 kuwa kilo 18 da giram 200 ne, ban da nauyin jarkar.

Wannan lissafi ya fi amfani ga mai tsallaka iyaka, domin sunan ma'auni ba ya nufin abu ɗaya a ko'ina. Galan na Turawan Ingila lita huɗu da rabi ne da 'yan kai, amma a kasuwa ana kiran robar lita 4 galan, ana kiran ta lita 5 ma galan. Kwalba akwai ta santilita 60, akwai ta 75. Kilo kuwa a Njamena da Kusiri da Maiduguri duk kilo ne.

Hanya ta farko: a auna a mazubin mai saye

Ga yadda ake yi da sikelin nan mai batir. A ɗora kwalba ko robar da mai saye zai tafi da ita a kan sikeli, busasshiya, ba murfi. A danna maɓallin da aka rubuta wa TARE, wasu sikelan harafin T kawai suke sa masa. Sikelin zai koma sifili, wato ya ajiye nauyin kwalbar gefe. Sai a zuba zuma kai tsaye har lambar da ake so ta bayyana. Mai son lita ɗaya a tsaya a 1,420, mai son rabin lita a tsaya a 710.

Idan bakin kwalbar ƙarami ne sai da mazurari, to kada a bari mazurarin ya zauna a kan kwalbar a lokacin karanta lamba, domin abin da ya liƙe a jikinsa zai shiga lissafin mai saye alhali bai shiga kwalbarsa ba. A ɗaga shi, sannan a karanta. Haka zalika a riƙa tsayawa da saura kamar giram 30, a bar zaren zumar ya gama sauka, sannan a cika da cokali. Ƙari yana da sauƙi, ragewa daga kwalba mai ƙaramin baki kuwa wahala ce.

Mai sayar da zuma da yawa ya fi masa ya samu bokitin roba mai murfi wanda aka sa wa famfo mai faɗin baki a ƙasa. Da zarar ya juye jarka a ciki sau ɗaya, ya rabu da gwangwani da ludayi.

Da wannan hanya, ko ludayi aka yi amfani da shi, abin da ya liƙe masa ba asarar kowa ba ne, domin bai hau sikeli ba, kuma zai koma bokiti.

Hanya ta biyu: a auna abin da ya fita

Wani lokaci mazubin mai saye ba ya hawa sikeli, kamar mai yin alewa ko mai abinci da za a zuba wa a tukunya. A nan sai a juya lissafin. A auna bokitin da kayan ke ciki tare da ludayinsa, a rubuta lambar. A ɗebi abin da za a ɗiba, a mayar da ludayin cikin bokiti, a sake aunawa. Bambancin da ke tsakanin lambobin biyu shi ne ainihin abin da ya fita. Misali, bokitin markaɗen gyaɗa ya nuna giram 6,350, bayan ɗiba ya nuna 5,850, to rabin kilo aka bayar, ba ƙari ba ragi. Sirrin shi ne ludayin ya kasance a ciki a awon farko da na biyu.

Mun fi son a rubuta lambobin da a dogara da TARE a wannan hanya, saboda yawancin ƙananan sikelan nan suna kashe kansu idan aka ɗan jima ba a taɓa su ba, kuma da sun mutu sun manta da abin da aka ajiye musu.

Labarin jarka guda

Bari mu bi jarka ɗaya daga sari har zuwa kwalba. Farashin da za mu sa na misali ne, kowa ya musanya shi da na ranar da yake ciki.

Mu ƙaddara wata Hajiya ta sari jarkar zuma da aka ce lita 20 ce, a kan sefa 3,000 kowace lita, wato sefa 60,000. Niyyarta ta sayar da lita a kan 3,500, ta ci ribar 10,000. Da ta ɗora jarkar a sikeli sai ta ga kilo 28 da giram 600. Irin wannan jarkar in ba komai a ciki ta auna ta ga kilo 1 da giram 100 ce. Ke nan zumar kilo 27 da rabi ce, alhali lita 20 ta zuma mai kyau kilo 28 da giram 400 ya kamata ta yi. Akwai giɓin giram 900.

Wannan giɓi yana da fassara biyu, kuma dole Hajiya ta san wacce ce gaskiya kafin ta biya. Ko dai zumar mai kyau ce amma jarkar ba ta cika ba, ko kuma jarkar ta cika amma zumar tana da ruwa da yawa.

Ga yadda za ta gane. Ta samu 'yar kwalba, ta ɗora a sikeli ta danna TARE, ta zuba ruwa har giram 500, ta yi alama a daidai inda ruwan ya tsaya. Ta zubar, ta bari kwalbar ta bushe sarai, sannan ta zuba zuma zuwa wannan alama ta auna. Idan ta samu kusan giram 710, zumar lafiya lau take, jarkar ce ta gaza da fiye da rabin lita, sai a rage mata kuɗi. Idan kuwa ta samu ƙasa da 700, misali 688, to matsalar ta fi girma. Ƙa'idar abinci ta duniya da hukumomin FAO da WHO suka gindaya ta ce kada ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma zumar da ke kan wannan iyaka litarta kusan kilo 1 da giram 400 ce. Wadda ta gaza haka, ko dai an cire ta daga amya kafin ƙudan su rufe saƙar, ko an ƙara mata ruwa. Irin wannan cikin zafin Njamena ba ta daɗewa za ta fara kumfa, ta yi tsami, gorar ta kumbura, murfi ya riƙa huci idan an buɗe.

Sai dai wannan gwaji yana da iyaka. Ruwa yake kamawa, ba ya kama sukari. Sukarin da aka dafa ya yi kauri nauyinsa kusan ɗaya ne da na zuma. Tantance wannan aikin ɗakin bincike ne, irin cibiyar binciken ingancin abinci ta CECOQDA da ke Njamena.

To mu ce Hajiya ta yi sa'a zumar mai kyau ce, amma ba ta auna ba, ta biya kuɗin lita 20 cif. Ta yi asarar mililita 630 tun a wurin sari. Ta juye jarkar cikin gaggawa da sanyin safiya ta mayar wa mai ita, mililita 450 ta tafi. Sannan ta riƙa cika gorunan ruwa har wuya. Gorar da aka rubuta wa lita ɗaya da rabi kuwa tana ɗaukar fiye da haka, domin kamfani yana barin sarari a sama. Mu ce tata tana ɗaukar ƙarin mililita 60, a gora goma sha biyu ta yi kyautar mililita 720 ba tare da ta sani ba. A haɗa duka, lita 1 da mililita 800 ke nan, wato sefa 6,300. Ribar 10,000 ta koma 3,700, kuma babu wanda ya sace mata ko dala.

Yadda ake tsiyaye jarka

Ragowar jarka ana iya ceto mafi yawanta da abu biyu, ɗumi da haƙuri. A rufe jarkar gam, a tsoma ta cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa ba tare da ƙuna ba, kamar na rabin awa. A goge jikinta ya bushe, sannan a kifa ta a karkace a kan bokiti, bakin yana can ƙasa, a lulluɓe da tsumma mai tsabta saboda ƙura da ƙudan zuma, a bar ta ta kwana. Da safe a auna jarkar, abin da ya haura nauyinta na asali shi ne abin da ya rage.

Kada ɗumin ya wuce digiri 40. Ɗora zuma a wuta, ko barin jarka tana kwanaki a tsakar rana, yana sa ta yi duhu, ƙamshinta ya gudu, kuma masu bincike suna iya gane zumar da ta sha zafi. Zumar da ta daskare ta yi ƙwaya-ƙwaya kuwa ba jabu ba ce don ta daskare, ɗabi'ar wasu zumomin ce, kuma wannan ruwan ɗumin zai sassauta ta.

Akwai dabarar da matan gida suka sani, ta shafa wa cokali mai ko tsoma shi a ruwan zafi kafin a ɗebi zuma, sai ta sulale ba ta liƙe ba. A madafa wannan daidai ne. Idan abin da za a dafa yana buƙatar mai da zuma, a fara auna man, sannan a auna zumar da wannan cokalin. Amma ga zumar sayarwa wannan dabara ɓarna ce. Ruwan da ke jikin gwangwani zai shiga zumar ya jawo tsami, mai kuma zai taso saman kwalba ya ɓata ɗanɗano, mai saye ya ce an yi masa haɗi. Duk mazubin da zai taɓa zumar sayarwa ya zama busasshe, na roba mai kyau ko kwalba, ba baƙin ƙarfe ba, kuma ba jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba, komai wankin da aka yi mata.

Man gyaɗa: ragowa kaɗan, amma zafi yana wasa da shi

Mai ba ya liƙewa kamar zuma, amma yana da nasa halin, wato yana kumbura da zafi. Lita 20 ta man gyaɗa, idan ɗuminsa ya tashi daga digiri 20 zuwa 40, tana ƙaruwa da kusan mililita 280, fiye da rubu'in lita, alhali nauyinsa bai ƙaru da ko giram ɗaya ba. Wanda ya sari mai da lita daga jarkar da ta wuni a rana, ya zo ya sayar da sanyin safiya, zai ga giɓin da ba zai san inda ya fito ba. Saboda haka sarin mai a kilo ya fi tsaro.

Ga mai sayar da ƙananan awo da ba zai iya ɗora kowace kwalba a sikeli ba, ga mafita. Ya daidaita ma'auninsa bisa abin da yake zubarwa, ba abin da yake ɗauka ba. Ya samu gwangwanin da ya ɗan fi lita, ya jiƙa shi da mai kamar yadda yake a lokacin ciniki, ya zuba mai ya juye a kwalbar da ke kan sikeli, yana ƙirga ɗaya zuwa goma bayan man ya koma ɗiga. Ya yi ta gwadawa har ya gano inda zai cika gwangwanin kwalbar ta samu giram 910, sai ya yi alama a nan. Daga ranar, cikawa zuwa alama da ƙirga goma shi ne litarsa. Ya kuma riƙa wanke gwangwani da mazurari da sabulu yana shanyawa, domin tsohon man da ya daɗe a jikinsu yana kama ƙurar hunturu, ya canja wari, ya sa sabon mai maƙaƙi.

Manja da man kaɗanya kuwa, da yake suna daskarewa idan gari ya yi sanyi, awonsu da gwangwani a wannan hali ba shi da tabbas. Ko a bari su narke, ko a auna su a sikeli.

Markaɗen gyaɗa: iska da tashin mai

Markaɗen gyaɗa ba ya zuba, don haka ba shi da lita ta gaskiya. Idan aka cusa shi a gwangwani, ramukan iska suna ɓuya a ciki, ta yadda gwangwani biyu da suka cika a ido za su iya bambanta a nauyi. Bugu da ƙari, idan ya kwana biyu a ajiye mai yana tasowa sama, ƙasan ya yi tauri ya koma kamar tunkuza. Wanda ya fara saye ya kwashi mai, na ƙarshe ya kwashi busasshe, duk a farashi ɗaya. Don haka kafin a fara ciniki a juya shi da muciya tun daga gindin bokiti har ya haɗe.

Awonsa kuwa a kilo ne kawai, ko dai kai tsaye a robar mai saye, ko ta hanyar auna abin da ya fita. A yi amfani da cokali biyu, ɗaya na ɗiba, ɗaya na turewa, kuma dukkansu busassu, domin ruwa a markaɗen ajiya yana jawo lalacewa. Wasu kan shimfiɗa leda a ma'auni su ƙulle a ciki. To a tuna cewa a 2010, zamanin magajiyar gari Mari-Teres Mbailemdana, hukumar birnin Njamena ta tsananta haramcin leda a kasuwanni. Ƙaramar roba mai murfi wadda aka rubuta nauyinta a gindi ta fi tsabta, kuma mai saye zai iya dawowa da ita.

Shi kansa sikelin a bincike shi

Duk abin da muka faɗa ya rataya ne a kan sikeli mai gaskiya. A ajiye shi a wuri mai daidaito, ba a kan buhu ko teburi mai rawa ba, a kuma kare shi daga iska. Batirin da ya yi sanyi yana sa lambobi su riƙa yawo. Zumar da ta ɗiga ta shiga ƙarƙashin farantin tana riƙe shi, sai sikelin ya ƙi komawa sifili bayan an sauke kaya, wannan ita ce alamar. Kowace safiya a gwada shi da abin da aka tabbatar da nauyinsa, kamar dutsen awo na kilo ɗaya, a ɗora a tsakiya, a ɗora a gefe, lambar ta zama ɗaya.

Haka kuma kowane sikeli da aikinsa. Na rataye mai ɗaukar kilo 50 na jarka ne. Na kwalba kuwa a nemi mai tafiya da giram ɗaya-ɗaya, ko biyar-biyar in ya yi yawa.

Daga ƙarshe, ba mu ce a daina gyara ba. Gyara al'adar kasuwarmu ce, ita ke dawo da abokin ciniki. Amma gyaran da ka bayar da saninka daban, wanda jarka da wuyan gora suka ƙwace maka daban. Haka nan ragowar da ta zauna a gwangwaninka ba riba ba ce, haƙƙin wani ne. Alhaji da Hajiya, a rubuta nauyin kowace jarka a jikinta, a haddace 1,420 da 910, a auna kafin a biya. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.